Neman Kotu Ta Yafe Kuɗin Shari'a Saboda Rashin Hali

Kowace takarda da ake shigarwa a kotu a shari'ar da ba ta laifi ba tana da kuɗinta. Akwai kuɗin shigar da ƙara, da kuɗin sammaci da kai shi ga wanda ake ƙara, da kuɗin takardar rantsuwa, da na kwafin shari'a, da na ɗaukaka ƙara, da na zartar da hukunci bayan an yi nasara. Ba ma'aikatan kotu ne suke yanka waɗannan kuɗaɗe da ka ba. Suna rubuce a jadawalin da ke haɗe da ƙa'idojin kowace kotu. Sashe na 274 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba Babban Jojin jiha ikon tsara ƙa'idojin Babbar Kotu, sashe na 279 kuma ya ba Girandi Kadi irin wannan iko a kan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci. Aikin rajistara shi ne ya duba takardar da aka kawo, ya lissafa abin da jadawali ya ɗora mata, ya rubuta adadin a jikinta, a biya, a ba da rasit. Abin da aka biya kuɗin shiga ne na gwamnati, kuma masu binciken kuɗi suna bin sawunsa.

Daga nan ne babban batu ya taso, wanda yawancin masu zuwa kotu ba su sani ba: rajistara ba shi da ikon yafe ko kwabo. Ta hannunsa roƙon yake bi, amma alƙali ne yake yafewa, kuma sai da umarnin da aka rubuta a fayil. Mutumin da ya tsaya a bakin tebur yana cewa "a taimaka a rage mini" yana roƙon wanda ba shi da abin a hannunsa.

Mazauna Dutsin-Ma da Kurfi a Jihar Katsina suna hulɗa da kotuna iri uku. Akwai kotunan shari'ar Musulunci, inda ake kai maganar aure da saki da gado da bashi da rikicin gona, ana magana da Hausa, kuma ba lallai sai da lauya ba. Akwai kotun majistare, wadda ban da shari'ar laifi takan saurari ƙananan ƙararraki na bashi da haya. Sannan akwai Babbar Kotun Jiha da ke zama a Dutsin-Ma, inda harshen aiki Turanci ne, komai a rubuce yake, kuma a nan ne tsadar shari'a take fara cizo. Tsarin yafe kuɗi ya fi fitowa fili a ƙa'idojin manyan kotuna, don haka a kansu bayanin zai fi tsayawa.

Kafin a shiga yadda ake roƙon, ya kamata a ga haɗarin yin sa ta bayan fage. Wani lokaci ma'aikaci mai tausayi yakan karɓi takarda ya buga mata hatimi ba tare da an biya ba, ko ya karɓi rabi ya ce a bar sauran. Niyyarsa alheri ce, amma ya haƙa wa mai ƙara rami. Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Onwugbufor da Okoye a 1996, ta kuma nanata a shari'ar Okolo da Bankin Union a 2004, cewa biyan kuɗin shigar da ƙara sharaɗi ne kafin kotu ta sami hurumin sauraron abin da ake nema. Lauyan ɗaya ɓangaren, idan ya san aikinsa, abu na farko da yake dubawa shi ne bayan takardar ƙara: nawa aka lissafa, nawa aka biya, ina lambar rasit. In ya ga giɓi sai ya yi suka, kuma sukar hurumi ana iya kawo ta ko bayan shekaru, ko a kotun gaba. Akwai sassauci guda. A shari'ar Akpaji da Udemba a 2009, Kotun Ƙoli ta ce idan rajistara ne ya yi kuskure ko ya manta bai lissafa ba, alhali mai shari'a ya miƙa takardarsa yadda ya kamata, ba a ɗora masa laifin, sai dai a umarce shi ya cika abin da ya rage. Wannan sassauci na kuskuren lissafi ne. Bai rufe wanda ya san adadin da aka yanka masa ya kuma shirya da wani a ɓoye don kada ya biya ba.

Tunanin cewa talauci bai kamata ya rufe wa mutum ƙofar alƙali ba tsoho ne, kuma ya iso Arewacin Nijeriya ta hanya biyu. A fiƙihun Malikiyya albashin alƙali daga baitulmali yake, don kada cikinsa ya rataya a kan masu husuma. Duk da haka, kotunan alƙalai na zamanin En'e sun daɗe suna karɓar ushira, wato kashi ɗaya cikin goma na bashin da aka karɓo ko gadon da aka raba. Ushira tana da nauyi, amma tana da wata siffa da ta sauƙaƙa wa talaka, domin daga abin da aka samu ake cire ta. Tsarin Turawa shi ne ya zo da biya tun a bakin ƙofa, kuma ya zo da maganinsa tare da shi: tun 1495, a zamanin Sarki Henry na Bakwai, Ingila ta yi dokar da ta ba matalauci damar shigar da ƙara ba tare da biya ba, a kuma naɗa masa lauya kyauta. Sunan da wannan tsari yake ɗauke da shi a littattafan ƙa'idojin kotu har yau, wanda kuma shi ake rubutawa a kan takardar roƙo, shi ne in forma pauperis. Tsarin Mulkin 1999 ya ƙara masa ƙarfi. Sashe na 17 ya sa sauƙin isa ga kotu cikin manufofin ƙasa, sashe na 36 ya tabbatar da haƙƙin a saurari kowa bisa adalci, sashe na 46 kuma ya ɗora wa Majalisar Tarayya yin tanadin taimakon kuɗi ga marar hali da aka tauye wa haƙƙi.

Ƙa'idojin manyan kotunan jihohi sun yi kama da juna a wannan babi, kuma sharaɗi biyu suke gindayawa. Na farko, alƙali ya gamsu cewa abin hannun mai roƙo bai isa ya ɗauki lauya ya bi shari'arsa ba. Na biyu, ya gamsu cewa akwai dalili mai ma'ana na yin ƙarar, ko na kare kai idan shi aka kai ƙara. Mutane sukan zuba ƙarfinsu duka a kan na farko su manta da na biyu, alhali a kansa roƙo da yawa yake faɗuwa. Kotu ba za ta sauke wa mutum kuɗi don ya ja wani a ƙasa a kan maganar da ba ta da tushe ba, tun da shi wancan zai kashe nasa kuɗin wajen kare kansa. Ya kamata a lura kuma cewa damar ba ta mai ƙara kaɗai ba ce. Manomin da aka kawo wa sammacin Babbar Kotu, wanda dole ya shigar da takardar bayyana da ta kariya cikin ƙayyadaddun kwanaki, shi ma yana da ita.

Misali zai fi nuna yadda abin yake tafiya. A ɗauka wata mata ce daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Kurfi, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya biyar. Rashin tsaro ya tashe su daga ƙauyen, tana zaune a ɗaki guda a gidan ɗan'uwanta a cikin Dutsin-Ma, tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mijin ya bar fili a cikin gari mai takardar mallaka da gwamna ya sa wa hannu, an raba gado a kotun shari'a, filin ya faɗo a rabonta da na 'ya'yanta. Sai ta tarar wani ya zuba bulo ya fara gini, yana cewa saya ya yi. Da gona ce a ƙauye, da ƙaramar kotu ta ishe ta. Amma sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya keɓe wa Babbar Kotu shari'ar filin da gwamna ya ba da takardarsa. Ba ta da zaɓi sai kotun da ta fi tsada.

Matakin farko shi ne ta je ofishin rajistara ta nemi a gaya mata abin da ƙararta za ta ci, a rubuta mata shi daki-daki. Wannan yana da amfani biyu. Alƙali ya fi saurin amsa roƙon da ke da adadi a kan wanda aka ce kawai "kuɗin sun yi yawa". Sannan lissafin yana nuna mata inda nauyin yake. A kotuna da dama kuɗin shigar da ƙara yana hawa ne gwargwadon kuɗin da ake nema, don haka mai neman diyyar miliyoyi yana ɗora wa kansa abin da mai neman a tabbatar masa da filinsa a kuma hana gini bai ɗauka ba. Sau da yawa rage adadin diyyar da aka rubuta don huce haushi yakan sauke lissafin zuwa abin da dangi za su iya haɗawa, ba tare da an roƙi kowa ba.

Idan duk da haka abin ya fi ƙarfinta, sai ta rubuta takardar roƙo. A tsohon tsari ana gabatar da ita ga alƙalin kotun. A sabon tsarin da jihohi da yawa suka bi bayan Legas ta sabunta ƙa'idojinta a 2004, Babban Jojin jiha ake rubuta wa. Littafin ƙa'idojin yana ofishin rajistara, kuma mai roƙo yana da damar ya nemi a buɗe masa babin a nuna masa wanda za a rubuta wa. Ko wanne ne, ta ofishin rajistara takardar take shiga. Gajeruwa ce: sunanta da inda take zaune, wanda take son ta yi ƙara, abin da ya haɗa su cikin layi biyar ko shida, da abin da take roƙo a fili, wato a ba ta izinin yin ƙara a matsayin marar hali, a yafe mata kuɗin kotu gaba ɗaya ko wani sashe, a kuma naɗa mata lauya. Ta yi kwafi biyu, a buga wa nata hatimin karɓa mai kwanan wata. Wannan kwafi shi ne kaɗai shaidarta idan takardar ta kwanta a ƙarƙashin wasu fayiloli.

Nauyin roƙon duka yana kan takardar rantsuwar da za ta raka shi, kuma a nan ya kamata a daɗe. Ita da kanta za ta rantse, ba ɗan'uwanta ko mai rubuta mata ba, a gaban kwamishinan rantsuwa da ke ofishin kotu. Dokar Shaida ta 2011 ta tsara siffarta: cikakken suna da sana'a da mazauni, magana da bakin mai rantsuwa, sakin layi masu lamba, kuma abin da ya faru kawai, ba muhawara ko roƙo ba. Idan mai rantsuwa ba ya karatun harshen da aka rubuta takardar, sashe na 119 ya buƙaci a rubuta a ƙarshenta cewa an karanta masa an fassara masa, kuma ya nuna ya fahimta kafin ya dangwala yatsa. Masu buga takardu a shagunan bakin kotu sukan tsallake wannan layi, kuma rashinsa ƙofa ce ta suka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rantsuwa mai sakin layi uku: ni talaka ce, ba ni da komai, ina roƙon kotu. Alƙali ba zai iya auna wannan ba, domin kusan duk wanda ya zo gabansa haka yake cewa. Abin da yake gamsarwa shi ne lissafin gida a sarari. A misalin nan, matar za ta ce tana sarrafa tiya goma ta gyaɗa a mako, kuma bayan ta cire kuɗin gyaɗa da niƙa da itace abin da yake rage mata bai wuce naira 6,000 ba, wato kimanin naira 24,000 a wata. Za ta faɗi bakunan da ke ci daga ciki, da cewa biyu daga yaran suna makarantar firamare, da cewa gonar da ke ƙauye ba ta nomuwa tun da suka taso. Za ta faɗi abin da ta mallaka ba tare da ɓoyewa ba: akuya biyu, da kaskon suya, da filin da ake rikici a kansa. Sai ta kawo adadin da rajistara ya lissafa da abin da lauya ya nema, ta ajiye su kusa da abin da take samu. Alƙalin da ya ga lambobin nan a jere ba ya buƙatar a gaya masa kalmar talauci.

Ɓoye akuya biyu ba ya ƙara wa roƙo ƙarfi, rage masa yake yi. A gari kamar Kurfi kowa ya san abin da ke garken kowa, kuma abokin shari'a shi ne zai fara kai labari. Rantsuwa a kan ƙarya laifi ne a dokar Final Kod, kuma ban da hukuncinsa, tana zubar da amincin mutum a idon alƙalin da zai saurari shaidarsa a kan filin. Haka nan, mallakar kadara ba ta hana a amsa roƙo idan an yi bayaninta. Gonar da ba a iya zuwa, da gidan gado da mutum goma suke da haƙƙi a ciki, da filin da shi ne ake shari'a a kai, duk dukiya ce a takarda wadda ba ta zama kuɗi a hannu. Mai roƙo ne zai faɗi haka, kada ya bari a gano.

Yawancin mutanen wannan yanki ba su da takardar albashi ko bayanin asusun banki, kuma ba a buƙatar su ƙirƙiro. Wasiƙar mai unguwa ko magajin gari, ko ta ofishin hakimi, tana taimakawa idan ta faɗi abin da mai rubutun ya sani da idonsa, kamar ranar da iyalin suka taso daga ƙauyensu da wanda ya sauke su. Takardar asibiti tana taimakawa inda jinya ce ta cinye abin hannu. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya yi karatun zaure, domin littattafan Malikiyya irin su Mukhtasar na Khalil sun yi bayanin yadda ake tabbatar da rashin wanda ake bi bashi: shaidu su ce ba su san shi da wata dukiya ta fili ko ta ɓoye ba, shi kuma ya rantse. Domin sharaɗi na biyu kuwa, matar za ta haɗa da kwafin takardar filin da kwafin hukuncin rabon gado. Waɗannan biyu sun isa su nuna cewa ƙararta ba ta neman fitina ba ce.

Idan roƙon ya karɓu, umarnin yakan zo da ɗaya daga fuska uku. Ana iya yafe kuɗin kotu duka. Ana iya yafe wani sashe a bar wani, misali a ɗauke kuɗin shigar da ƙara a bar na kai sammaci. Ana kuma iya jinkirta biya, a ce za a cire daga abin da aka samu idan an yi nasara. Saboda haka yana da kyau mai roƙo ya buɗe wa alƙali waɗannan ƙofofi da kansa, ya rubuta cewa in ba a yafe duka ba a rage, in ba a rage ba a jinkirta. Wanda ya ce zai iya kawo kashi ɗaya cikin huɗu ya fi nuna gaskiya a kan wanda ya kafe a kan ba shi da ko sisi. Wanda aka ba wannan izini kuma, bisa ƙa'ida, ba a ɗora masa kuɗin ɗawainiyar abokin shari'a idan ya faɗi, shi ma ba a ba shi idan ya ci, sai in alƙali ya yi umarni da saɓanin haka. Ga talaka wannan kariya tana iya fin yafewar kanta daraja, domin tsoron a ce ya biya ɗawainiyar mai kuɗi shi ne yake hana mutane da yawa tunkarar kotu.

Izinin yana da igiyoyinsa. Lauyan da aka naɗa ba ya karɓar komai daga hannun mai roƙo ko danginsa sai da yardar kotu, kuma mai roƙon da ya biya wani kuɗi a ɓoye a kan shari'ar yana iya rasa izinin. Ba ya sallamar lauyan, ba ya janye ƙarar, ba ya yin sulhu a kanta, sai ya sanar da alƙali ya sami izini. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci a nan, inda dattawan unguwa sukan shiga tsakani a gama magana a zaure. Sulhu alheri ne kuma kotu tana maraba da shi, amma sai an kawo shi gabanta an rubuta. Idan hali ya canja, kamar a biya matar haƙƙin mijinta da ya maƙale, ko aka gano ta ɓoye wani abu, kotu tana iya soke izinin ta nemi kuɗinta.

Akwai iyaka da ya kamata a faɗa ba tare da kwana-kwana ba. Umarnin alƙali yana ɗauke abin da ke cikin jadawali ne kawai. Ba ya biyan kuɗin mota daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma duk ranar zama, ba ya ciyar da shaidun da suka bar aikinsu, ba ya biyan mai awon fili, ba ya buga takardu. A shari'o'i da yawa waɗannan sun fi kuɗin kotu yawa idan aka tara su. Ba ya kuma taɓa tara ko diyyar da aka yanke wa mutum a shari'ar laifi, domin waɗannan hukunci ne, hanyarsu roƙon sassauci kafin a yanke ko ɗaukaka ƙara bayan an yanke. Sannan akwai kuɗin da babu su a ko wane jadawali, waɗanda ake kira na mai, ko na buɗe fayil, ko na neman fayil. Alamar gane su ɗaya ce: ba a ba da rasit ɗin gwamnati a kansu. Abin da ba shi da rasit ba a roƙon a yafe shi, tun da ba bashi ba ne. Inda aka matsa, ana kai kuka a rubuce ga alƙalin kotun ko ga babban rajistara a Katsina.

A kotunan shari'ar Musulunci abin ya fi sauƙi a siffa, amma asalinsa bai canja ba. Ƙara da baki ake kawo ta, magatakarda ya rubuta, kuma kuɗinta bai kai na Babbar Kotu ba. Matar da ta zo neman ciyarwa ko neman a raba aure, ba ta da kuɗin sammaci, maganarta da alƙali ce. Ta nemi a shigar da ita gabansa, ta faɗi halinta, in da hali tare da wanda ya san ta, kuma duk abin da alƙali ya yanke a kan kuɗin ya shiga littafin shari'a. Amfanin rubutawar yana fitowa ne ranar da aka ɗaukaka ƙara, lokacin da kotun sama za ta karanta kwafin shari'ar daga farko har ƙarshe.

Ɗaukaka ƙara ita ce inda marasa hali suka fi zubewa, domin a nan ake haɗa kundin shari'a, a buga shi shafi-shafi, a yi kwafi da yawa, wani lokaci a ajiye kuɗin jingina. Sashe na 294 na Tsarin Mulki ya wajabta wa manyan kotuna ba kowane ɓangare ingantaccen kwafin hukunci cikin kwana 7 da yanke shi, amma kundin gaba ɗaya wani abu ne daban mai kuɗinsa. Izinin da aka samu a kotun farko ba ya bin mutum zuwa sama da kansa, sai an sake nema, kuma a ƙa'idojin jihohi da dama ana ba da shi ne kawai idan kuskuren da ake kuka da shi na doka ne. Ƙa'idojin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya suna da nasu babi na marasa hali, sun kuma ba kotun ikon ɗauke kuɗi ko ga wanda bai bi ta wannan babi ba, da sharaɗin za a iya cirewa daga abin da ya samu in ya yi nasara.

Abin da ya fi komai haɗari a wannan mataki shi ne lokaci. Takardar roƙo ba ta tsayar da wa'adi. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, wa'adin shari'ar da ba ta laifi ba wata 3 ne a hukuncin ƙarshe, kwana 14 a hukuncin tsakiyar shari'a, kuma a ƙananan kotuna galibi kwana 30 ne. Haka ma a farkon ƙara: wanda zai yi ƙarar jami'in gwamnati a kan abin da ya yi a bakin aikinsa, dokar kare jami'ai ta ba shi wata 3 ne kacal. Mutumin da ya miƙa roƙo ya koma gida yana jiran amsa yana iya samun yafewar bayan ƙofar ta rufe. Idan wa'adi ya matso, abin da ya fi shi ne a nemo kuɗin takarda ta farko ko da rance ne, a shigar da ita cikin lokaci, sannan a roƙi yafewar sauran, tun da takardar sanarwar ɗaukaka ƙara ba ita ce mai tsadar ba, kundin ne.

Idan aka ƙi amsa roƙo, sai a nemi sanin a kan wane sharaɗi ya faɗi. In a kan rashin hali ne, yawanci bayanin ne bai cika ba, kuma ana iya sake nema da rantsuwa mai cikakken lissafi. In a kan ingancin ƙarar ne, ya kamata a ji ra'ayin lauya na biyu kafin a sayar da akuya. Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976 kuma take aiki yanzu da dokar 2011, tana da ofishi a Katsina. Ma'auninta shi ne abin da mutum yake samu kada ya wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa, wanda ya koma naira 70,000 a wata a 2024, kuma matar da ke cikin misalin nan tana ƙasa da shi nesa. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa suna ɗaukar wasu shari'o'i kyauta. Sai dai lauyan kyauta yana yafe ladansa ne, ba kuɗin kotu ba. Ko an same shi, sai ya shigar da roƙon yafewar a gaban alƙali, ko kuma a tabbatar tun ranar farko wanda zai biya abin da rajistara ya lissafa.